Alƙaluma sun ce 1,750, kalmomi sun ce 1,715: yaya manhaja za ta yi da cakin?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ana haɗa manhajar da za ta ɗauki hoton caki, ta karanta adadin da ke cikin akwatin alƙaluma, ta karanta wanda aka rubuta da kalmomi a kan layi, sannan ta ware duk cakin da biyun suka saɓa. Ga wanda ya tsaya mini a gwaji. A akwati an rubuta 1,750.00, kuma ya fito tsaf. A kan layi, da rubutun hannu, an sa `One thousand seven hundred fifteen only`. Injin karatu ya ba kalmar `fifteen` maki 0.71, ya ba `fifty` maki 0.24. Manhajar ta wuce da cakin a matsayin 1,750 ba ta ce komai ba. Na rasa ko ta yi daidai ne ko kuskure.

Bashir: Wa alaikumussalam. A ganina ta yi daidai, Malama Nafisa. Amfanin samun adadi biyu ke nan, ɗaya ya taimaki ɗaya. Injin ba amsa guda yake bayarwa ba, jeri yake bayarwa daga wadda ya fi amincewa da ita zuwa ƙasa. Sai a duba jerin akwati da jerin layi, a nemi adadin da ya bayyana a duka biyun. A nan 1,750 yana ko'ina, shi ke nan. Idan kika hana wannan, rabin takardun za su koma hannun ma'aikata, domin rubutun hannu na kalmomi ya fi alƙaluma wuyar karantawa nesa ba kusa ba.

Malam Sani: Malam Bashir, dabarar da ka kawo ana amfani da ita, kuma tana da kyau idan abin da ake so shi ne a gano adadin caki da sauri. Amma Malama Nafisa wani aikin ta ɗauko. Ita so take ta gano ko mai cakin ya rubuta abu biyu daban. Idan aka ce wa manhaja ta shiga jeri ta nemo amsar da ta dace da akwati, to an koya mata ta rufe saɓanin da aka ce ta tono.

Duba makin. Injin ya ce kashi 71 cikin ɗari `fifteen` ce. Ba ruɗewa ya yi ba, ya ga abin da ke kan takarda. Manhajar ce ta yi watsi da amsa ta farko ta ɗauki ta biyu don kawai ta zo daidai da akwati. Kuma `fifty` za ta kasance a jerin duk wata `fifteen` da aka rubuta da hannu, domin farkonsu ɗaya ne, wutsiya ce kaɗai ta raba su. Haka `sixteen` da `sixty`, haka har zuwa `nineteen` da `ninety`. Wato daidai wurin da mutane suka fi yin kuskuren rubutu, nan wannan dabarar ta makance.

Don haka a karanta kowanne shi kaɗai. Mai karanta layi kada ya san abin da ke akwati, mai karanta akwati kada ya san abin da ke layi. Sai bayan kowa ya faɗi tasa a haɗa. Kuma sakamakon uku ne, ba biyu ba: sun dace, sun saɓa, ko kuma ɗaya bai karantu ba. Na ukun nan mutane suka fi mantawa da shi, sai su cusa shi cikin ɗayan biyun.

Bashir: To na ji, amma ba ka amsa maganar yawan aiki ba. Wa zai duba duk waɗannan?

Malam Sani: Ba cewa na yi a jefar da jerin ba. Akwai inda yake aiki. Idan amsa ta farko da ta biyu sun yi kusa, a ce 0.46 da 0.44, injin da kansa ya ce bai sani ba, to akwati yana iya raba gardama. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a rubuta a bayanan cakin cewa da taimakon akwati aka dace, ba a karatun farko ba. Na biyu, idan kalmomin da ake taƙaddama a kansu irin su `fifteen` da `fifty` ne, babu taimako, mutum ne zai duba. A cakin nan tazarar 0.71 da 0.24 ta yi yawa, bai ma shiga wannan sahun ba.

Hajiya Rabi: Bari in shigo ta ɓangaren masu tantance caki, domin akwai dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A doka kalmomi ne ke rinjaye. Dokar takardun kuɗi ta Birtaniya ta 1882, wadda ƙasashe da yawa suka gada, ta faɗa a sashe na 9 cewa idan kalmomi da alƙaluma suka saɓa, abin da kalmomi suka nuna shi ake biya. Ta Indiya ta 1881 haka take a sashe na 18. A Amurka sashe na 3-114 na kundin dokokin kasuwanci ya ƙara da cewa rubutun hannu yana gaban na keken rubutu, na keken rubutu kuma yana gaban bugun ɗab'i. Yarjejeniyar Geneva ta 1931 kan caki ita ma kalmomi ta fifita.

To kin ga abin da manhajarki ta yi, Nafisa. Ta biya 1,750 a cakin da doka ta ce 1,715 ne. Bambancin 35 kaɗai ne a nan, amma irin wannan kuskuren idan ya faɗo a gurbin dubbai, 35,000 ne.

Auwal: Hajiya, tunda doka ta yi magana, ai an gama. A sa manhaja ta ɗauki kalmomi kullum, a manta da akwati. Ko ma a huta gaba ɗaya a karanta layin nan na ƙasan caki mai tawadar maganaɗisu, ai adadin yana ciki kuma inji ba ya kuskure a kansa.

Hajiya Rabi: A'a, Auwal, duka biyun ba haka ba ne. Layin ƙasa da ake bugawa tare da littafin caki yana ɗauke da lambar caki, lambar banki ko reshe, da lambar asusu. Ba zai ɗauki adadi ba, tunda lokacin da aka buga shi ba a rubuta cakin ba tukuna. A inda ake amfani da gurbin adadi a wannan layin, bankin da ya karɓi cakin ne ke buga shi daga baya, bisa abin da ma'aikaci ko inji ya karanta, galibi daga akwati. Shaida ce ta wanda ya riga ya karanta, ba ta mai caki ba. Idan ya yi kuskure, kuskuren ne aka buga da tawada mai kyau.

Batun a ɗauki kalmomi kullum kuwa, doka tana magana ne a kan abin da aka rubuta, ba abin da inji ya zata an rubuta ba. Idan manhaja ta ga saɓani, abu uku ne ke iya jawo shi: mai caki ya yi kuskure, ko injin ya karanta ba daidai ba, ko wani ya taɓa takardar. Manhaja ba ta iya rarrabe su da kanta. Kuma a aikace bankuna da dama ba sa biyan irin wannan cakin ko da doka ta nuna adadin, mayar da shi suke yi da bayanin cewa kalmomi da alƙaluma sun saɓa, mai shi ya rubuta sabo. Wannan hukuncin banki ne. Aikin manhaja ta tsayar da cakin ta nuna dalili.

Maryam: Ina so mu koma baya kaɗan, domin kafin a kai ga kwatantawa akwai inda ake ɓata lissafi. Malama Nafisa, da me kike mayar da kalmomin lamba?

Nafisa: Da wannan, `KANANA` na ɗauke da `one` zuwa `ninety`, `MANYA` kuma `thousand` da `million`:

```python
def zuwa_lamba(kalmomi):
    jimla = guntu = 0
    for k in kalmomi:
        if k in KANANA:
            guntu += KANANA[k]
        elif k == "hundred":
            guntu *= 100
        elif k in MANYA:
            jimla += guntu * MANYA[k]
            guntu = 0
    return jimla + guntu
```

Maryam: Abin da na zata ke nan. Wannan yana ba da amsa daidai idan jimlar daidai take. Matsalarsa ita ce yana ba da amsa ko da jimlar ba ta da ma'ana. Gwada da cakinki. A ce sa hannu ko tambari ya hau kan kalmar `hundred` har injin ya tsallake ta. Abin da ya rage `one thousand seven fifteen`. Manhajarki za ta haɗa 7 da 15 ta ba ki 1,022, ba tare da wani ƙorafi ba. Idan kuma `seven` ce ta ɓace, ɗari za ta ninka sifili, ki sami 1,015. Manhaja za ta ce an saɓa, alhali gaskiyar magana layin ne bai karantu ba. Ma'aikacin da ke duba irin waɗannan ƙararrakin na banza sau ɗari a rana, wata rana zai danna amincewa a kan na gaske bai duba ba.

Gyaran shi ne a bi nahawun lissafi, ba a tara kalmomi kawai ba. Bayan kalmar gomiya irin `twenty`, abin da ke iya biyowa shi ne ɗaya zuwa tara, ko babbar kalma, ko ƙarshe. Bayan ɗaya zuwa tara ba a samun `fifteen` kai tsaye. `hundred` dole a sami lamba a gabanta. Manyan kalmomi kuma daga babba zuwa ƙarami suke zuwa, `million` kafin `thousand`, kowacce sau ɗaya. Duk jimlar da ta karya ɗaya daga cikin waɗannan, a dawo da `None`, a jefa cakin a sahun waɗanda ba su karantu ba. Haka duk kalmar da ba a sani ba, ba tsallake ta za a yi ba kamar yadda taki ke yi yanzu.

Sai dai kada a tsananta har a ƙi abin da mutane ke rubutawa da gaske. `fifteen hundred` 1,500 ne, kuma halal ne. `and` tana zuwa tana tafiya. `fourty` da `ninty` kuskuren rubutu ne da ya yaɗu, kuma ma'anarsu a fili take, a sa su a ƙamus. Ƙamus ɗin gaba ɗaya kalma talatin da 'yan kai ne, shi ya sa ma ake iya karanta rubutun hannu a wannan layin.

Bashir: Ni da nisan haruffa nake gyara kalmomin. Duk kalmar da ta bambanta da ta ƙamus da harafi ɗaya ko biyu, a mayar da ita can.

Maryam: Yana aiki ga dogayen kalmomi kamar `thousand`, inda babu wata ta kusa da ita. Ga gajeru akwai haɗari. Tsakanin `eight` da `eighty` harafi ɗaya ne. Tsakanin `six` da `sixty` biyu ne. Idan injin ya ba ka `eighth` ko wani abu makamancinsa, nisan iri ɗaya ne zuwa 8 da zuwa 80. Ƙa'idata ita ce, idan kalmomi biyu na ƙamus sun yi kunnen doki a nisa, ba a zaɓa.

Sannan akwati. Kada a taɓa mayar da kuɗi `float`. Gwada wannan:

```python
>>> int(19.99 * 100)
1998
```

Caki mai 19.99 a sama da ƙasa zai fito a matsayin saɓani saboda lissafin kwamfuta, ba saboda takarda ba. A raba rubutun a wurin ɗigo, a mayar da komai cikakkiyar lamba ta ƙananan kuɗi. A cakin Nafisa 175000 za a kwatanta da 171500. Kuma yawan gurabun bayan ɗigo daga nau'in kuɗin ake ɗauko shi: yawanci biyu ne, amma dinarin Kuwait uku gare shi, yen na Japan ba shi da ko ɗaya.

Malam Sani: Akwatin ma yana da nasa tarkon, kuma ba alƙaluman ba ne, ƙananan alamomin ne. Hoton da bankuna ke musanya a tsakaninsu sau da yawa baƙi da fari ne zalla, a ɗigo 200 cikin inci. A wannan girman, ɗigon biro ɗan tabo ne, kuma matakin share ƙura daga hoto yana iya share shi. Sai 1,750.00 ya koma 175000, ninki ɗari. Idan kina da iko da sikana, ki ajiye hoto mai launin toka don karatu, ki yanke akwatin da ɗan sarari a gefe, domin mutane suna zarce iyakarsa, kuma kada ki share komai a cikinsa da bai kai girman lamba ɗaya ba sai kin duba inda yake zaune.

Bayan haka akwai abin da mutane ke cika wuri da shi don kada a ƙara musu lamba: taurari a gaba, dogon layi a baya, alamar daidai, sandar karkace da gajeren layi, ko sifili biyu ƙanana a sama da layi a ƙarƙashinsu. Sandar karkace tana yawan fitowa a matsayin 1. Alamar kuɗi da aka rubuta da hannu tana iya zama 5 ko 8. Sai a ware waɗannan kafin a karanta.

Ga waƙafi da ɗigo kuma, wuri ne ke ba da ma'ana. Alama mai alƙaluma biyu a bayanta a ƙarshe ta ƙananan kuɗi ce, mai uku a bayanta ta dubbai ce, idan kuɗin mai gurbi biyu ne. A ƙasashen Turai da dama 1.750,00 ake rubutawa, a Indiya kuma 1,50,000 ake yi wa dubu ɗari da hamsin. A saita tsari guda bisa ƙasar cakin, abin da bai bi shi ba a ware.

Nafisa: Idan layin kalmomi bai ambaci ƙananan kuɗi ba fa? Akwai mai 320.50 a akwati, a layi kuma `three hundred twenty` kawai, babu `50/100`, babu `only`.

Bashir: Wannan ai dacewa ce. Babban adadin ɗaya ne.

Hajiya Rabi: Ni ba zan kira shi dacewa ba. Da `only` tana nan, saɓani ne ƙarara, domin mai caki ya ce iyakarsa ke nan. Da babu ita, ana iya cewa kalmomi ba su musanta akwati ba, shiru suka yi. Bankuna ba bakinsu ɗaya ba a nan. A ba shi sunansa daban a manhaja, kowane banki ya yanke yadda zai yi da shi.

Malam Sani: Ni ma sahu daban zan ba shi, amma ka fara duba ko layin ya ci gaba a na biyu, Malam Bashir. Caki da yawa layi biyu gare su na kalmomi, kuma idan aka yanke na farko kaɗai, wutsiyar adadin ce ke ɓacewa.

Maryam: Wani abu mai rage wa masu dubawa wahala shi ne a lissafa bambancin a nuna musu inda za su kai ido. Idan ɗaya ya ninka ɗaya sau 10 ko 100, ɗigo ne ko sifili. Idan alƙaluman iri ɗaya ne amma sun sauya wuri, kamar 1,750 da 1,570, juyi ne, kuma bambancin kullum yana rabuwa da 9, a nan 180. Sai na sha da gomiya, waɗanda bambancinsu sananne ne: 13 da 30 suna ba da 17, 14 da 40 suna ba da 26, sai 35, 44, 53, 62, 71. Da manhajar Nafisa ta ga 35, sai ta zagaye kalmar `fifteen` da alƙaluman 50 a allo. Ma'aikaci ya ga yankan hoto biyun gefe da gefe, ba cakin gaba ɗaya ba.

Hajiya Rabi: Yankan da cikakken cakin duka, Maryam, domin gogewa da bambancin tawada a cikakken hoto ake ganinsu. Kuma na fi son kada a nuna wa ma'aikaci abin da inji ya karanta sai ya buga nasa. Idan ya riga ya ga 1,750 a allo, idonsa `fifty` zai gani a takarda.

Auwal: Yanzu na gane maganar layin ƙasa. To idan biyun suka dace tun a karatun farko da maki mai yawa, cakin lafiya yake ke nan?

Malam Sani: Adadin ya dace, iyakar abin da aka sani ke nan. Mai sauya caki ya san ana kwatantawa. Caki mai `eight thousand` da 8,000, idan an bar sarari, harafi ɗaya yake buƙata a layi da sifili ɗaya a akwati ya zama 80,000. Manhajar za ta ga sun dace sarai. Abin da ke iya tona shi wani bincike ne daban: harafin da ya matsu tsakanin kalmomi biyu, waƙafin da ya zauna bayan alƙalami ɗaya alhali huɗu ne a bayansa, kamar 8,0000, ko jerin takardun caki da kamfani ya aika wa bankinsa tun farko da lambar kowanne da adadinsa. Wannan waƙafin ma dalili ne na kada a goge waƙafi kafin a duba ko yana wurinsa.

Nafisa: Na cire neman dacewa daga jeri, na sa nahawu. Cakin ya fito a matsayin saɓani, 175000 da 171500, da alamar sha da gomiya. Amma waɗanda ba su karantu ba sun ƙaru sosai. A ina zan sa iyakar maki?

Malam Sani: Babu lambar da zan ba ki ta yi aiki, domin 0.9 na wannan injin ba 0.9 na wancan ba ne. Ki tara takardun da mutum biyu suka buga adadinsu daban-daban suka yi daidai, ki tabbata akwai masu saɓani na gaske a ciki, ko da ke za ki rubuta su da hannaye daban-daban, tunda a tarin yau da kullum ba su da yawa. Sai ki matsa iyakar sama da ƙasa, kina ƙirga abu biyu: masu saɓani nawa suka wuce a matsayin dacewa, da lafiyayyu nawa aka tsayar. Iyakar akwati daban, ta layi daban. Kuma makin layi ki ɗauke shi daga kalmar da ta fi rauni, ba matsakaicin duka ba, domin kalma shida masu kyau suna iya rufe guda ɗaya da ke ɗauke da duk bambancin.

Bashir: A nan ban yarda gaba ɗaya ba. Idan kalmar da ta fi rauni `and` ce ko `only`, ka tsayar da caki a banza.

Maryam: `and` a cire ta daga lissafin, na yarda. `only` kuwa Hajiya ta nuna tana sauya hukunci idan akwai ƙananan kuɗi a akwati, don haka tana shiga idan bayan ɗigo ba sifili biyu ba ne. Malama Nafisa, ki turo mana yadda waɗanda ba su karantu ba suka kasu: nawa nahawu ya ƙi, nawa maki ya ƙi. Idan na nahawu ne suka fi yawa, ina zargin yankan layi na biyu.